Aika saƙo ta WhatsApp zuwa lambar da ba ka ajiye a wayarka ba: tambayoyi da amsoshi

A Tawa da kewaye lambar waya na yawo hannu da hannu. Ana rubuta ta a bayan katan ɗin sigari, a jikin ƙofar shago, a bayan a-daidaita, ko wani ya karanto maka ita a tasha mota na shirin tashi. Yawancin waɗannan lambobi sau ɗaya ake bukatarsu: a tambayi kuɗin kaya, a tura hoton takardar aike, a gaya wa direba inda zai sauke buhuna. Ba dole ba ne sai ka cika wayarka da sunaye irin su "Mai Albasa 2" da "Direba Ƙonni sabo" kafin ka yi musu magana. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, da amsoshinsu.

Da gaske ana iya yi wa mutum magana a WhatsApp ba tare da an ajiye lambarsa ba?

Ana iyawa, kuma WhatsApp ɗin da ka sani shi ne ke yin haka, ba sai ka sauko da wata manhaja ba. Abin da WhatsApp ke gane mutum da shi lambar wayarsa ce cikakkiya, haɗe da lambar ƙasarsa. Sunan da ka rubuta a jerin lambobinka don amfanin idonka ne kawai. Sharaɗi biyu ne: mai lambar ya kasance ya buɗe WhatsApp da ita, kai kuma ka rubuta ta daidai. Kusan duk matsalar da mutane ke kawowa a kan wannan batu daga sharaɗi na biyu take fitowa, shi ya sa za mu daɗe a kansa a ƙasa.

Wace hanya ce ta fi sauƙi?

Ta cikin WhatsApp kai tsaye. Buɗe shi, ka taɓa madannin fara sabuwar hira. A wayar Android koren madanni ne a ƙasa ta hannun dama, a iPhone kuwa alamar ƙari ce a sama. Jerin mutanenka zai fito. Taɓa wurin bincike, ka rubuta lambar tun daga +227 har ƙarshenta. Ka ɗan jira daƙiƙa biyu ko uku, domin wayar sai ta tambayi WhatsApp ta intanet ko lambar na da rajista. In tana da ita, za ta fito a ƙarƙashin wani layi da ke nuna ba ta cikin mutanenka, da kalmar Chat a gefenta, ko Discuter in wayar da Faransanci take. Taɓa nan, hira ta buɗe.

A 2023 WhatsApp ya kawo wannan hanya. Wanda ya daɗe bai sabunta manhajarsa ba zai iya rubuta lambar ya ga ba abin da ya fito. In haka ta faru, a shiga Play Store ko App Store a sabunta. Haka nan in rezo ya yi rauni, binciken kan tsaya yana juyawa ba tare da ya kawo komai ba, sai mutum ya ɗauka mai lambar ba ya WhatsApp alhali hanyar ce ba ta da ƙarfi. Kafin ka yanke hukunci, duba ko saƙonninka na sauran hirarraki suna tafiya.

Na ji ana maganar wa.me. Mene ne shi?

Adireshi ne na WhatsApp da kansa, wanda ke buɗe hira da duk lambar da aka liƙa a ƙarshensa. Ana rubuta shi a Chrome ko Safari, a wurin da ake rubuta adireshin shafi:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX
```

A madadin X takwas ɗin nan sai ka sa lambobi takwas na mutumin. Wani lokaci wayar kan wuce da kai cikin WhatsApp nan take. Wani lokaci kuma shafi ne zai fito da koren madanni mai cewa Continue to Chat, ko Continuer vers la discussion, ka taɓa shi.

Ƙa'idar adireshin nan mai tsauri ce. Lambobi zalla ake so bayan wa.me/. Ba alamar ƙari, ba 00 a farko, ba tazara tsakanin lambobi, ba ɗigo, ba karan tsakiya, ba baka. Mu a Nijar mun saba rubuta lamba bibbiyu da tazara a tsakani, kuma wanda ya kwafo ta haka ya liƙa a adireshin, to adireshin ya tsinke tun daga tazarar farko. Akwai kuma kuskuren rubuta adireshin a akwatin binciken Google maimakon wurin adireshi. Google zai kawo maka jerin shafuka ne, wasunsu ma na masu talla da ke cewa ka ba su lambar su buɗe maka hirar. Kada ka ba su. In ka fara da https:// kamar yadda yake a sama, ba a cika samun wannan ruɗani ba.

Yaya ake rubuta lamba daidai? Nan ne nake yawan samun matsala.

Nan ne kowa ke samunta. Dokar ita ce lambar ƙasa, sannan lambar mutum a siffar da ake kiranta daga waje. Abin da ke rikita mutane shi ne kowace ƙasa da yadda take yi da sifilin farko.

Nijar ba ta da wahala. Lambobinmu takwas ne, ba su da sifilin da ake cirewa, ko layin Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms. Ka sa 227 a gaba, lambobi su zama goma sha ɗaya cif. Ƙirga su kafin ka taɓa komai. In sun zama goma ko goma sha biyu, akwai wadda ta faɗi ko wadda ta maimaitu. Burkina da 226, Mali da 223, Togo da 228 da Cadi da 235 duk haka suke, lambobi takwas bayan lambar ƙasa.

Najeriya daban take, kuma ita ce ta fi shafar masu hulɗa da Illela da Sakkwato da Kano. Lambar Najeriya in an rubuta ta a cikin gida goma sha ɗaya ce, tana farawa da sifili: 080, 081, 070, 090 da makamantansu. Wannan sifilin na kiran cikin gida ne. Za ka jefar da shi, ka sa 234 a madadinsa. Lambar da aka ba ka a matsayin 0803 da sauran lambobi bakwai za ta koma haka:

```
https://wa.me/234803XXXXXXX
```

Jimilla goma sha uku. Gana da 233, Aljeriya da 213, Libiya da 218, Saudiyya da 966 da Faransa da 33 su ma ana jefar da sifilinsu na farko.

Sai ƙasashe biyu da suka karya wannan doka, kuma dukansu mutanen Adar na da ɗimbin ƴan uwa a cikinsu. Kwaddebuwa ta mayar da lambobinta daga takwas zuwa goma a ranar 31 ga Janairun 2021, inda aka ƙara 01, 05 ko 07 a gaban lambobin salula. Wannan sifilin ɓangare ne na lambar, ba a cire shi. Lambar Abijan mai farawa da 07 za ta zama 22507 sannan sauran takwas. Jamhuriyar Binin ita ma ta bi sahu a ƙarshen Nuwamban 2024, ta ƙara 01 a gaban kowace lamba, don haka ta Kwatano 22901 ce sannan lambobi takwas. Wanda ya saba da dokar Najeriya ya zo ya cire sifilin Abijan, zai samu lamba tara wadda ba ta kowa ba ce.

Akwai ƙarin abu ɗaya game da ƙasashen nan biyu. Mutane da yawa sun buɗe WhatsApp ɗinsu tun kafin canjin, da tsohuwar lamba mai takwas. In ka gwada mai goma aka ce ba ta WhatsApp, cire lambobi biyun da aka ƙara ka sake gwadawa da takwas ɗin ƙarshe bayan 225 ko 229.

Za ku iya kawo misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauka wani dillalin albasa ne a Galmi ya loda buhu ɗari uku zuwa Abijan. Mai kayan ya kira shi ya karanto masa lambobi biyu: ta direban motar, wanda layin Najeriya yake riƙe da shi, da ta wanda zai karɓi kayan a can. Dillalin na son ya tura wa kowannensu hoton takardar lodi.

Ya fara da direba. A takarda an rubuta lamba goma sha ɗaya mai farawa da 0706. Ya rubuta ta yadda take a wurin binciken WhatsApp, ba abin da ya fito. Dalili shi ne lambar da ba ta da lambar ƙasa a gabanta, WhatsApp kan ɗauke ta a matsayin ta ƙasar mai wayar, wato Nijar, kuma a Nijar ba lamba mai goma sha ɗaya. Ya sake rubutawa da +234 a gaba amma ya bar sifilin. A wurin bincike wani lokaci manhajar kan gyara wannan da kanta, amma a adireshin wa.me bai kamata a dogara da haka ba. Da ya goge sifilin, lambar ta koma +234706 da sauran bakwai, sai ta fito da madannin hira a gefenta.

Sai na Abijan. Lambarsa goma ce, ta fara da 05. Dillalin ya riga ya koyi cire sifili, ya cire, aka ce lambar ba ta WhatsApp. Ya mayar da sifilin, ya rubuta +22505 da sauran takwas, ta fito. Kafin ya tura komai ya duba saman hirar. Ba hoto, ba suna, lamba ce tsirara, abin da ba ya nuna komai tun da mai lambar na iya ɓoye hotonsa ga baƙi. Don haka bai fara da takardar ba. Ya rubuta: "Salamu alaikum. Daga Galmi ne, ni ne na loda albasar Alhaji jiya. Da mai karɓar kaya a Abijan nake magana?" Sai da amsa ta zo, mutumin ya faɗi adadin buhunan da kansa, sannan ya tura hoton. Wannan tambaya ta farko ita ce ke raba ka da tura takardar kuɗi ga wanda ba ka sani ba, domin lamba ɗaya tak in ta sauya, hirar za ta iya buɗewa lafiya lau da wani mutum daban.

An ce min lambar ba ta WhatsApp, amma na tabbata mutumin yana yi. Me ya faru?

In ka ƙirga lambobin sun cika, lambar ƙasa ma daidai ce, abin da ya fi yawa shi ne mutumin layi biyu gare shi. Ya ba ka wanda yake amsa kira da shi, WhatsApp ɗinsa kuma na kan ɗayan, wani lokaci ma kan tsohon layin da ya bari tun yana ci-rani a Libiya ko Kwaddebuwa. WhatsApp na ci gaba da aiki da lambar da aka yi rajista da ita ko da an cire wannan layin daga wayar. Maganin abin shi ne ka kira shi ka ce, "Wace lamba ce ta WhatsApp ɗinka?" Ko kuma ka ba shi taka ya fara yi maka sallama.

Wani dalilin shi ne an share rajistar. WhatsApp kan share asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba. Wanda wayarsa ta lalace tun damina bai samu wata ba sai bayan girbi ya yi nisa, zai iya tarar da haka.

Saƙon da ke cewa `Phone number shared via url is invalid` kuwa ya fi nuni ga rubutun adireshin. Koma ka nemi tazara, alamar ƙari, ko sifilin da ya yi saura.

An turo min lamba cikin saƙo. Sai na kwafe ta na kai wani wuri?

A'a. Lambar da ke cikin saƙon WhatsApp kan fito da launi da layi a ƙarƙashinta. Taɓa ta, zaɓi zai fito: ka yi hira da ita, ka kira ta, ko ka ajiye ta. Zaɓi na farko, Chat with ko Discuter avec, shi ne naka.

Wannan ya ba da wata dabara mai amfani. Tun ƙarshen 2022 mutum na iya aika wa kansa saƙo: in ka taɓa madannin sabuwar hira, lambarka ce ke fitowa a saman jerin. Rubuta baƙuwar lambar a wannan hirar taka, da +227 ko lambar ƙasarta a gaba, ka ƙara kalma biyu na tuni kamar "mai gyaran famfo", ka aika, sannan ka taɓa lambar. Ga mai shago da ke karɓar lambobi biyar ko goma a yini, mu a ganinmu wannan ta fi sauran hanyoyin, domin lambar da bayaninta na nan a wuri ɗaya, ranar da aka sake bukata ba sai an yi ta laluben takarda ba.

In kuwa kuna gurup ɗaya da mutumin, taɓa lambarsa da ke saman saƙonsa, ko ka nemo shi a jerin ƴan gurup ɗin, ka zaɓi aika masa saƙo.

Ina sayar da kaya. Yaya zan yi masu saye su yi min magana ba tare da sun ajiye lambata ba?

Ki haɗa adireshin wa.me da lambarki, Hajiya, ki sa shi a shafinki na Facebook ko a ƙarƙashin hoton kayan. Duk wanda ya taɓa shi hira da ke za ta buɗe masa. Za ki iya ma shirya masa maganar farko ta hanyar ƙara `?text=` a ƙarshe:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX?text=Salamu%20alaikum%2C%20nawa%20ne%20turmin%20atamfa%3F
```

Adireshi ba ya ɗaukar tazara, shi ya sa ake sa `%20` a madadin kowace tazara. `%2C` waƙafi ne, `%3F` alamar tambaya, `%0A` kuma sabon layi. Haruffanmu masu ƙugiya su ma suna da nasu: ƙ ita ce `%C6%99`, ɗ ita ce `%C9%97`, ɓ kuma `%C9%93`. In abin ya yi miki yawa, ki zaɓi jimlar da ba ta da su. Ki kula da alamar & da alamar #, domin in suka shiga cikin rubutun yadda suke, duk abin da ya biyo bayansu ba zai fito ba.

Rubutun ba ya tafiya da kansa. Yana zama ne a akwatin rubutu na mai sayen, sai shi ya taɓa aikawa, kuma yana iya gyara shi. Kafin ki yaɗa adireshin, ki tura wa wani na gida ya gwada a wayarsa. Mai amfani da WhatsApp Business ba ta bukatar wannan wahala: a cikin kayan aikin kasuwanci akwai gajeren adireshi da aka riga aka haɗa, mai farawa da `wa.me/message/`, tare da hoton QR da za a iya bugawa a liƙa a ƙofar shago.

Abu ɗaya dai a sani: adireshin da ke ɗauke da lamba a fili yake nuna ta ga duk wanda ya gani. Wadda ba ta son baƙi su riƙa damun layinta na gida, ta ware wa sana'a layi daban.

Me mutumin zai gani idan saƙona ya isa?

Zai ga lambarka, da sunan da ka sa wa kanka a WhatsApp da ƴar alamar ~ a gabansa. WhatsApp zai nuna masa cewa ba ka cikin mutanensa, ya nuna masa ko kuna da gurup ɗaya, ya kuma ajiye masa madannai a gabansa: ya toshe ka ko ya ajiye ka. Ganin hotonka ya danganta da abin da ka zaɓa a Privacy, wato Confidentialité. In ka bar wa mutanenka kawai, shi ba zai gani ba tun da ba ka ajiye shi ba.

Ka tuna madannin toshewa na kusa da yatsansa. Wanda ya ga baƙuwar lamba, ba hoto, sunan kuma wani laƙabi ne da taurari a gefe, saƙon kuma "Slm" kaɗai, ba abin da zai hana shi share ka. Saƙon farko ya ƙunshi sallama, sunanka, inda ka samu lambar, da abin da ke tafe da kai, duka a dunƙule wuri guda. In babba ne ko malami ko mace da ba ta san ka ba, ka ambaci wanda ya haɗa ku. Wanda ba ya karatu sosai a yi masa saƙon murya gajere mai ɗauke da waɗannan abubuwa huɗu. Kada a fara da kira: tun 2023 akwai zaɓin da ke sa kiran baƙuwar lamba ya shigo ba tare da wayar ta yi ƙara ba.

Saƙon ya tsaya a alama ɗaya. Ya toshe ni ke nan?

Ba lallai ba. Alamar ✓ ɗaya na nufin saƙon ya bar wayarka ya isa wurin WhatsApp, amma bai sauka a wayar mutumin ba. Wayar na iya zama a kashe, ko megansa ya ƙare, ko yana ƙauyen da rezo ba ya kaiwa sai an hau tudu. WhatsApp na riƙe saƙon da bai sauka ba har kwana 30 yana jiran wayar ta hau. Alama biyu na nufin ya sauka, in sun zama shuɗaye an buɗe, sai dai wanda ya kashe zaɓin nuna an karanta saƙo, nasa ba sa yin shuɗi ko ya karanta. In agogo ne ƙarami ka gani a madadin alamar, matsalar daga wajenka take, saƙon bai ma tashi ba.

Rashin ganin hotonsa ko lokacin da ya hau na ƙarshe ba hujja ba ce a nan, domin baƙo dama ba a cika nuna masa su ba.

Na yi kuskuren lamba, saƙon ya tafi wurin wani. Me zan yi?

Danna saƙon ka riƙe, ka zaɓi sharewa, sannan Delete for everyone, wato Supprimer pour tout le monde. Kana da kusan kwana biyu. Ka lura kada ka zaɓi share wa kanka kaɗai, don in ka yi haka saƙon ya ɓace daga gabanka amma yana nan a wayarsa. In ya riga ya buɗe hoton ya ɗauki hoton allo ko ya tura wani wuri, sharewar ba ta dawo da shi. In abin da ka tura lambar sirrin karɓar kuɗin aike ce, kada ka tsaya a sharewa: ka kira mai karɓa na gaskiya ya je ya karɓa nan take, ko ka koma wurin da ka yi aiken ka sanar da su.

Akwai kuma lambar da take daidai amma mai ita ya canza. Kamfanonin waya kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sabon mai layin ya buɗe WhatsApp da shi. Lambar da ka samo daga tsohuwar takarda ko tsohon allon shago, a fara tambayar ko wane ne.

In ban ajiye shi ba, me zan rasa?

Abu biyu. Ba za ku ga sitatus ɗin juna ba, domin wannan sai kowa ya ajiye lambar ɗan uwansa. Na biyu ya fi shafar ƴan kasuwa: saƙon da ake aika wa mutane da yawa lokaci guda ta jerin yaɗawa, wanda ke ɗaukar mutum 256, yana isa ne kawai ga waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa. Don haka mai shagon da ke son masu saye su riƙa samun sanarwar sabon kaya, su ne zai roƙa su ajiye lambarsa.

Sauran abubuwa duk suna aiki: hoto, murya, takarda, kira, nuna wurin da kake. Sirrin hirar ma ɗaya ne da na kowace hira. Hirar na zama a jerinka da lambar a madadin suna har sai ka share ta, kuma in ta nutse ƙasa, rubuta lambobi huɗu na ƙarshe a wurin bincike ya isa ya fito da ita. In ka buɗe hira ba ka rubuta komai ba ka fita, ba za ta zauna a jerin ba, mutumin ma ba zai san ka buɗe ba.

Ana iya rufe min WhatsApp saboda yi wa baƙi magana?

Yi wa mutum biyu ko biyar magana kan harkar da ta haɗa ku ba ya jawo komai. Abin da ke jawo rufewa shi ne a kwashi lambobi daga gurup, a riƙa liƙa musu saƙo iri ɗaya ɗaya bayan ɗaya, su kuma su riƙa toshewa suna kai ƙara. Duk wanda ya kai ƙararka, saƙonninka biyar na ƙarshe zuwa gare shi na isa hannun WhatsApp. In ƙorafi ya taru, ana iya hana ka buɗe sabuwar hira na wani lokaci, ko a rufe asusun gaba ɗaya. Sabon layi da aka yi wa rajista yau ya fara aika wa baƙi da yawa gobe ya fi saurin faɗawa cikin wannan. In an rufe kuma kana ganin ba ka yi laifi ba, a allon da ke sanar da rufewar akwai wurin neman a sake dubawa. Ta nan ake bi. Masu cewa a biya su jika biyu ko biyar su buɗe ba su da wata ƙofa da ta wuce wannan.

Manhajojin da ke cewa suna buɗe hira ba tare da ajiye lamba ba fa?

Ba abin da suke yi illa haɗa adireshin wa.me ɗin nan da ka riga ka iya, su cika maka allo da talla suna cin meganka, wasu kuma su nemi izinin shiga jerin lambobinka ba gaira ba dalili. A bar su. WhatsApp na jabu irin su GB WhatsApp sun fi muni: amfani da su ya saɓa wa dokokin WhatsApp kuma yana sa a rufe asusu, sannan ba wanda zai ba ka tabbacin inda saƙonninka ke bi.

A kwamfuta fa?

In ka riga ka haɗa WhatsApp Web da wayarka, rubuta wannan a wurin adireshi, da ƙa'idar lamba iri ɗaya:

```
https://web.whatsapp.com/send?phone=227XXXXXXXX
```

Shafin zai sake lodawa ya buɗe hirar. A kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu, ka cire haɗin in ka gama, ta Linked devices ko Appareils connectés a wayarka.

Idan ni aka yi wa magana daga baƙuwar lamba, me zan duba?

Fara da lambar ƙasa. Wanda ya ce yana Yamai amma lambarsa ba ta fara da +227 ba, sai ya yi bayani. Sannan ka duba abin da yake nema. Wanda ya ce shi ɗan uwanka ne da ke waje, ya canza layi, a turo masa kuɗi da gaggawa, ka kira tsohuwar lambarsa ko ka tambayi gidansu kafin ka motsa. Hoton da ke kan lambar ba shaida ba ne, kowa na iya ɗauko hoton wani ya sa.

Wanda kuma ya ce ya yi kuskure an turo lambobi shida zuwa wayarka, ka karanto masa, asusunka yake son sacewa. Lambobin nan shida su ne mabuɗin rajistar WhatsApp ɗinka a wata wayar, kuma da zarar ya same su zai shiga da sunanka ya fara roƙon mutanenka kuɗi. Ba a ba kowa su. Don ƙarin kariya, shiga Settings, sannan Account, sannan Two-step verification, a Faransanci Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ka sa lambar sirri ta kanka mai lambobi shida, ka haɗa da adireshin imel in kana da shi, saboda ranar da ka manta ta.